Tsohon kibod da maus masu kai zagayayye: wace adafta ce za ta kai su ramin USB?

Wanda yake da tsohon kibod ko maus mai kai zagayayye, kwamfutarsa kuma ba ta da komai sai ramukan USB, yakan tarar da adafta iri biyu da suka yi kama da juna ƙwarai, ɗaya mai arha sosai, ɗaya mai ɗan tsada. Bambancin kuɗin ba na banza ba ne. Mai arhar waya ce zalla a cikin roba, ɗayar kuwa tana da ƙwaƙwalwa a ciki. Kafin a zaɓa sai an san me ke gudana a cikin wannan zagayayyen kai, domin dalilin da ya hana kibod aiki a ramin maus shi ne kuma ya hana shi aiki a USB da waya zalla.

Kai ɗaya, magana biyu

Ana kiran wannan kai PS/2, sunan kwamfutocin da kamfanin IBM ya fitar a 1987. Yana da fil shida da ɗan maƙalin roba a tsakiya wanda ke hana a soka shi a karkace. Na kibod da na maus girmansu ɗaya, jerin fil ɗinsu ma ɗaya: na 1 na bayanai ne, na 3 na ƙasa ne, wato inda wuta ke komawa, na 4 yana ɗauke da wutar bolt 5, na 5 kuma na bugun lokaci. Na 2 da na 6 a mafi yawan lokuta ba a jona su da komai ba. Saboda yawan rikicewar da ake yi ne daga baya aka ba su launi, shunayya na kibod, kore na maus.

Tunda wayoyin iri ɗaya ne, idan ka soka kibod a ramin maus babu abin da zai ƙone. Zai samu wuta, fitilunsa ma za su iya ƙyaftawa. Sai dai ka danna ka danna, shiru. Abin da ya sa haka yana cikin kwamfutar. Ramukan biyu suna zuwa ne ga wata aisi, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, mai kula da su, wadda asalinta Intel 8042 ce, kuma kowane rami da hanyarsa: na kibod yana kiran hankalin kwamfuta ta IRQ 1, na maus ta IRQ 12. Abin da ya shigo ta hanyar farko ana ɗaukarsa maganar kibod, na hanya ta biyu maganar maus, kuma maganganun ba su yi kama ba ko kaɗan.

Idan ka danna harafin A, kibod yana aika lamba `1C`. Da ka ɗaga yatsa sai ya aika `F0` sannan `1C`. Maus kuwa ba ruwansa da haruffa. Yana aika bayit uku, wato lambobi uku, a jere: na farko ya faɗi maɓallin da aka danna, na biyu motsin dama ko hagu, na uku motsin gaba ko baya. Mai taya a tsakiya yana ƙara na huɗu. Har gaisuwarsu ta farko daban ce. Idan kwamfuta ta aika umarnin sake farawa, `FF`, dukansu suna amsawa da `FA` sannan `AA`, amma maus yana ƙara `00` don a san shi ne, kuma ba zai ce uffan game da motsi ba sai an ba shi izini da `F4`. Saboda haka kwamfutar da aka kunna da kibod a ramin kore takan tsaya tun farko tana ƙorafin ba ta ga kibod ba.

Akwai wasu kwamfutoci, musamman tsofaffin laftof da wasu madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, na baya-bayan nan, masu rami ɗaya tak, wani lokaci rabinsa shunayya rabinsa kore. Wannan yana gane abin da aka soka masa. Wasu daga cikinsu suna amfani da fil na 2 da na 6 don na'ura ta biyu, ta yadda waya mai rassa biyu za ta ba ka kibod da maus a lokaci guda. Ba dukansu ke yin haka ba, sai an duba littafin madabod ɗin.

USB kuma, wanda ya fito a 1996, wata duniya ce daban. A PS/2 na'urar ce ke kaɗa bugun lokaci, tsakanin kilohaz 10 zuwa kusan 17, kuma tana magana duk lokacin da take da abin faɗa. A USB babu wayar bugu daban, kwamfuta ce ke tambaya na'ura ta amsa, kuma sai na'urar ta gabatar da kanta tukuna, ta faɗi ko ita mece ce. Harafin A ma a can lambarsa `04`. Wutar ce kawai ta zo ɗaya, bolt 5. Wannan ne ke yaudarar mutane: fitila ta kama, sai a ɗauka aiki ya kusa.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma shi ne ya fi sauran duka, shi ne ko hanyar za ta yi aiki da na'urar da ke hannunka. Sai kuɗi, sai ƙarko, sai sauƙin haɗawa, sai hatsarin da ke ciki, wato abin da zai iya lalacewa ko ya ba da ciwon kai bayan an fara aiki.

Kafin awon ma, ƙirga fil ɗin. Ba duk kai zagayayye ne PS/2 ba. Babban kai mai kaurin babban yatsa da fil biyar a jere kamar baka shi ne DIN na kibod ɗin da suka riga PS/2. Ƙarami mai fil huɗu yana iya zama ADB na tsofaffin kwamfutocin Apple. Mai takwas yana iya zama na Sun, mai tara kuma wani tsohon nau'in maus ne da ke buƙatar katinsa na musamman. Adaftar PS/2 ba ta da amfani ga waɗannan ƙananan ukun, kuma turawa da ƙarfi lanƙwasa fil kawai zai yi.

Zaɓi na ɗaya: adafta mara ƙwaƙwalwa

Ita ce ƙaramar nan, guntuwa, sau da yawa koriya ko shunayya. A cikinta waya huɗu ne kacal da ke haɗa fil da fil. Ba ta fassara komai.

To me ya sa aka ƙera ta? A shekarun da ake sauyawa daga PS/2 zuwa USB, kamfanoni da yawa sun riƙa yin maus da kibod masu jin yare biyu. Aisin da ke cikin na'urar ce ke lura da irin ramin da aka soka ta, sai ta sauya magana. Adaftar da ake sakowa a kwalinsu siffar kai kawai take canzawa. Mafi yawansu ma an yi su ne don kai maus mai USB zuwa ramin PS/2. Masu yin akasin haka, wato su karɓi kan PS/2 su ba da USB, suna nan a kasuwa, amma na'urar da aka haifa da kan PS/2 ba kasafai take jin USB ba. Wadda aka ƙera kafin 1996 kuwa babu ta yadda za a yi ta ji.

Kuɗinta shi ne mafi ƙanƙanta, kuma ba ta da abin da zai mutu a ciki, sai dai fil ya lanƙwashe. Haɗawa ba wuya. Hatsarinta ɗaya ne: ka saya ka tarar ba ta yi ba, ka zargi kibod ɗin da ba shi da laifi. Alamar ita ce fitilu su ƙyafta sau ɗaya sannan shiru, ko Windows ta ce `USB device not recognized`. A ganina, idan ba tare da na'urar ta zo a kwali ɗaya ba, kada a kashe mata ko sisi.

Zaɓi na biyu: adafta mai ƙwaƙwalwa ta gama-gari

Wannan ita ce tafinta. A gefe ɗaya tana yi wa kibod da maus magana kamar ita ce tsohuwar kwamfuta, a ɗaya gefen tana gaya wa sabuwar kwamfuta cewa ita kibod ce da maus na USB. Siffar da aka fi gani ita ce waya mai kan USB ɗaya da rassa biyu, shunayya da kore, da ɗan kumburi a tsakiya ko a kai inda aisin take. Ba ta buƙatar direba a Windows ko Linux ko macOS, domin duk sun san kibod da maus na USB.

Kumburin ba hujja ba ne, domin masu sayarwa sukan haɗa sunayen. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a soka adaftar ita kaɗai, ba kibod ba maus. Mai ƙwaƙwalwa yawanci za ta bayyana nan take: Windows ta yi ƙarar shigowar na'ura, a cikin `Device Manager` a ga sabon `HID Keyboard Device`. A Linux a buga wannan kafin sokawa da bayan sokawa, a ga ko layi ya ƙaru:

```
lsusb
```

Mara ƙwaƙwalwa ba za ta nuna komai ba. Mai mitar awon lantarki kuma zai iya aunawa: idan fil na 1 ko na 5 na gefen PS/2 ya haɗu kai tsaye da ɗaya daga cikin fil biyu na tsakiyar kan USB, waya ce zalla.

Kuɗinta ya ɗara na ta farko amma bai kai na sabon kibod mai kyau ba. Ƙarkonta sa'a ce: aisin ba ta cika mutuwa ba, wayar ce ke karyewa a gindin kumburin. Ga matsalolinta kuma, waɗanda ya kamata a sani tun kafin a saya.

Ta farko ita ce maƙalewar harafi. Tunda kibod na PS/2 yana faɗin dannawa daban, saki daban, dole adaftar ta riƙa riƙe lissafin abin da ke danne. Idan saƙon saki ya ɓace mata saboda saurin bugu ko raunin aisi, za ta ci gaba da gaya wa kwamfuta cewa harafin yana danne, sai ka ga layi ya cika da shi har sai ka sake taɓa shi. Idan `Shift` ko `Ctrl` ne ya maƙale, abin ya fi ban haushi, domin ba a ganinsa, sai dai komai ya rikice. Wasu kuma akasin haka suke yi, su saki maɓallin da kake riƙe da shi da zarar ka danna wani. Mai buga wasiƙa zai iya shekara bai lura ba, mai wasan kwamfuta kuwa zai lura a minti na farko.

Ta biyu, saƙon kibod na USB na gama-gari bayit takwas ne, kuma wuri shida kawai yake da shi na maɓallan da aka danna tare, ban da irin su `Shift` da `Alt`. Kibod mai iya ɗaukar fiye da haka a PS/2 zai tsaya a shida. Maɓallan ƙari, irin na ƙara sauti ko na barci, su ma wasu adaftocin ba su san su ba.

Ta uku ta maus ce. Maus mai taya yana farawa ne a matsayin mai bayit uku, ba ya buɗe tayar sai an aika masa wata alama, wato a saita saurinsa zuwa 200, sannan 100, sannan 80 a jere. Adaftar da ba ta san wannan ba za ta ba ka motsi da dannawa, taya kuwa ta zama ado.

Abin da ya kamata a tuna: rassan nan biyu su ma ba a musanya su a yawancin adaftoci. Kibod a shunayya, maus a kore. Kuma a fara soka su a adaftar kafin a soka ta a kwamfuta, domin da yawa sau ɗaya suke yin gaisuwar nan, lokacin da wuta ta shigo.

Zaɓi na uku: adafta mai manhajar da ake iya sauyawa

Masu son tsofaffin kibod sun daɗe da yin tasu. Sanannu a ciki su ne Soarer's Converter da TMK, waɗanda ake ɗorawa a kan ƙaramin allo mai aisin ATmega32U4, kamar Teensy 2.0 ko Pro Micro. Ana sayen ta a haɗe, ana kuma iya haɗawa da kai: waya huɗu ne daga soket ɗin PS/2 zuwa allon, wuta da ƙasa da bayanai da bugu, sai a loda manhajar. Ba ta da iyakar maɓalli shida, tana ba ka damar sauya aikin kowane maɓalli, kuma Soarer's tana jin yaren XT na kibod ɗin kwamfutocin IBM na farko, wanda adaftar gama-gari ba ta ji.

Ita ce mafi tsada idan a haɗe aka saya. Idan da hannu za a yi, kuɗin ya ragu amma sai an iya riƙe abin narka dalma. Tana da ƙarko, kuma ko ta lalace ana gyarawa. Babban hatsarin a wurin haɗawa yake: zanen fil na soket da na kan waya kishiyar juna ne kamar a madubi, kuma wanda ya juya wuta da ƙasa zai iya kashe kibod ɗin da ba a ƙera irinsa yanzu. A auna da mita kafin a soka. Yawancin irin wannan na kibod ne kaɗai, maus sai a nema masa tasa.

Zaɓi na huɗu: a bar adafta gaba ɗaya

Idan kwamfutar tebur ce, leƙa bayanta tukuna, domin har yanzu wasu madabod suna zuwa da ramin PS/2. Ba kuɗi, ba tafinta, kuma duk maɓallan suna aiki. Sharaɗinsa ɗaya: a kashe kwamfuta kafin a soka ko a zare. Ba a tsara PS/2 don sokawa da wuta ba. A sababbin madabod abin da ya fi faruwa shi ne ba za a gane na'urar ba sai an sake kunnawa, amma a tsofaffi akan ƙona fis ɗin ramin.

In kuma na'urar ba wata ta musamman ba ce, maus ne mai ƙwallo da ya sha jiki, sabo mai USB ya fi sauƙi kuma zai fi shi bin hannu.

| Hanya | Da me take aiki | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mara ƙwaƙwalwa | Na'ura mai jin yare biyu kawai | Kaɗan ƙwarai | Mai kyau | Soka kawai | Ta ƙi aiki sam |
| Mai ƙwaƙwalwa ta gama-gari | Yawancin kibod da maus na PS/2 | Kaɗan | Ya danganta da waya | Soka kawai | Maƙalewar harafi, mutuwar taya |
| Mai manhaja | Kibod na PS/2 da magabacinsa AT, wasu har XT | Mafi yawa | Mai kyau, ana gyarawa | Sai an koya | Kuskuren jona waya |
| Ramin madabod | Duk na'urar PS/2 | Babu | Mai kyau | Sai an kashe wuta | Fis a tsofaffin allo |
| Sabon na USB | Kowace kwamfutar yau | Ya danganta | Ya danganta | Mafi sauƙi | Babu na a zo a gani |

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce kana da kibod ɗin IBM Model M mai babban kai mai fil biyar, da maus na PS/2 mai taya, kana son su yi aiki a laftof mai USB kaɗai.

Babban kan yana da tarko. Kibod na XT, na kwamfutar IBM ta 1981, da na AT, ta 1984, kai ɗaya suke da shi amma yarensu daban. Na AT shi ne yaren da PS/2 ta gada, don haka daga babban kai zuwa ƙarami waya zalla ta isa, kuma a nan ne adafta mara ƙwaƙwalwa take da cikakken amfani. Wasu tsofaffin kibod na wasu kamfanoni suna da ɗan makunni a ƙasa mai alamar `XT` da `AT`, sai a tura shi zuwa `AT`. Wanda XT kaɗai yake ji, kamar mai maɓalli 83 na farkon nan, sai zaɓi na uku.

Idan naka na AT ne, jerin haɗin zai zama haka: babban kai ya shiga adaftar DIN zuwa PS/2, ita kuma ta shiga reshen shunayya na adafta mai ƙwaƙwalwa, maus ya shiga kore, sannan a ƙarshe a soka USB. Fitilun kibod uku su ƙyafta tare su mutu, alamar ya gama gwada kansa. Danna `Caps Lock`. Idan fitilarsa ta kama, magana tana tafiya ta ɓangarorin biyu, domin ba kibod ne ke kunna wa kansa fitilar ba, umarni ne yake dawowa daga kwamfuta ta cikin adaftar.

Idan bai tashi ba, ko ya riƙa tashi yana mutuwa, wuta za a fara zarga. Model M ya fi kibod ɗin yau shan wuta. Ramin USB 2.0 na jikin kwamfuta yana ba da har miliamfiya 500, amma mahaɗar USB mara wutar kanta an tsara ta ne ta ba kowane rami 100. A soka kai tsaye a jikin laftof, a zare maus ɗin a sake gwadawa. Idan ya yi shi kaɗai amma ya ƙi tare da maus, adaftar ce ba ta iya ɗaukar su biyun, sai a ba kowa tasa.

Bayan haka gwaji huɗu sun isa. Buɗe wurin rubutu, riƙe `Shift` ka buga dogon layi da sauri, ka ga ko manyan haruffan sun yanke a tsakiya. Riƙe harafi ɗaya ka taɓa wani ka saki duka, ka ga ko wani ya ci gaba da zuba. Sannan murza tayar maus. A ƙarshe sake kunna laftof ɗin ka gwada shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da danna maɓalli da zarar an kunna kwamfuta, da kibod ɗin, domin wata adaftar tana jinkirin tashi har lokacin danna maɓallin ya wuce.

Wa ya dace da wanne

Mai aikin ofis da ke son ci gaba da kibod ɗin da hannunsa ya saba da shi, adafta mai ƙwaƙwalwa ta gama-gari ta ishe shi, muddin ta ci gwaje-gwajen nan. Zai fi kyau ya saya inda za a karɓa idan ba ta yi ba.

Mai tsohon kibod mai daraja, ko na XT, ko mai wasan da ke danna maɓallai da yawa a tare, ya nemi mai manhaja. Idan kuma kwamfutarsa tana da ramin PS/2, ya yi amfani da shi kawai.

Mai gyaran kwamfutoci da ke karɓar na'urori iri-iri ya ajiye mai ƙwaƙwalwa ɗaya da ya gwada ya yarda da ita, da adaftar DIN zuwa PS/2 ɗaya, ya kuma yi wa marasa ƙwaƙwalwan da ke cikin akwatinsa alama don kada su ɓata masa lokaci.

Wanda matsalarsa a juye take, wato yana da tsohuwar kwamfuta ko injin da ramin PS/2 kawai yake da shi kuma yana son soka masa sabon kibod na USB, adaftar zaɓi na biyu ba za ta yi masa ba, domin hanya ɗaya take fassarawa. Ƙaramar koriyar nan za ta yi ne kawai idan kibod ko maus ɗin yana jin yare biyu, kuma sababbi da yawa sun daina. In ba haka ba sai ya nemi tsohon kibod na PS/2, ko adafta ta musamman da aka rubuta ƙarara cewa tana karɓar USB tana ba da PS/2.